Kowane Katan da Adireshinsa: Yadda Babban Sito Ke Sanin Inda Kayansa Suke

A kasuwar Singa da ke Kano, inda ake sarin kayan masarufi, kusan kowane babban dila yana da mutum ɗaya da yake ji da shi, wato mai kula da sito wanda ya daɗe a wurin. A tambaye shi madarar gwangwani, sai ya ce tana can ƙurya, bayan buhunan sukari. A tambaye shi taliyar da ta iso makon jiya, sai ya nuna da baki ba tare da ya tashi ba. Sito ɗin duka yana cikin kansa, kuma muddin kayan ba su wuce iri talatin ko arba'in ba, wannan tsari yana tafiya lafiya lau.

Matsala tana farawa ne ranar da kasuwa ta buɗe. Dilan ya karɓi wakilcin kamfanoni uku ko huɗu, ya kama katafaren ɗakin ajiya a Sharaɗa ko Bompai, kayan suka kai iri ɗari biyu, ma'aikata suka kai goma sha biyu, motoci kuma suna jiran lodi tun da sassafe. Yanzu mutum goma sha ɗaya ne ke layi a gaban mutum ɗaya suna tambayarsa inda kaya suke. Ranar da ya kwanta rashin lafiya ko ya tafi biki, aiki ya tsaya. Mafi muni, littafi zai nuna akwai katan hamsin na wani abu, a neme su a rasa, a sake yin odarsu, sai bayan wata huɗu a tsince su a bayan wasu kaya, wa'adinsu ya ƙare.

Maganin da manyan cibiyoyin rarraba kaya na duniya suka tsaya a kansa shi ne a fitar da sito daga kan mutum a mayar da shi kan takarda ko kwamfuta. Domin a ga yadda abin yake, bari a ƙaddara wani sito na misali, a bi shi daki-daki. Alƙaluman da za su biyo baya na misalin ne, an zaɓe su ne don lissafi ya fito fili.

Siton yana da lungu shida, kowane lungu tsawonsa mita 30, da kantocin ƙarfe hagu da dama. Kowane gefe an raba shi gida goma, kowane gida yana da hawa huɗu, kowane hawa kuma yana ɗaukar falet biyu, wato katakon nan da ake jera kaya a kai don motar ɗaga kaya, wadda ma'aikata ke kira fokilif, ta sa cokulanta ta ɗauka. In aka ninka, gurabe 960 ke nan. Guda 240 suna ƙasa, inda hannun mutum ke kaiwa, sauran 720 kuma suna sama, sai da mota.

Unguwa, layi, gida, hawa, ɗaki

Aikin farko shi ne a raɗa wa kowane ɗaya daga cikin guraben nan suna, sunan da ba ya da takwara a duk siton. Ana gina shi kamar adireshin gari, daga babba zuwa ƙarami. Lamba kamar `A-03-07-1-2` tana nufin sashen A, lungu na uku, gida na bakwai, hawa na ɗaya, gurbi na biyu. Yaron da aka ɗauka aiki jiya, in an yi masa bayani na minti biyar, zai iya zuwa wurin ba tare da ya tambayi kowa ba. Wannan shi ne ma'aunin adireshi mai kyau: baƙo ya iya bin sa.

Akwai ƙananan dabaru a cikin rubuta lambar da ba a ganin amfaninsu sai an yi kuskurensu. Gidajen hagu ana ba su lambobin mara, 01, 03, 05, na dama kuma 02, 04, 06, ta yadda in takardar oda ta jero gurabe daga ƙarami zuwa babba, mai haɗa kaya zai ratsa lungun sau ɗaya yana ɗauka hagu da dama. In da an ƙirga gefen hagu daga 1 zuwa 10, na dama daga 11 zuwa 20, takardar za ta kai shi ƙarshen lungu, ta dawo da shi farko, ta sake tura shi. Hawa kuma daga ƙasa ake fara ƙirga shi, domin in an ƙara kanta a sama wata rana, lamba kawai za a ƙara, ba sai an sake wa na ƙasa suna ba.

Sifilin da ake sawa a gaban lamba ma ba ado ba ne. Kwamfuta tana jera irin waɗannan lambobi ne harafi bayan harafi, kamar ƙamus. In babu sifili, ga yadda za ta jera gidaje:

```
1, 10, 11, 12, 2, 20, 3
```

Mai haɗa oda da ya bi wannan jeri zai yi ta kai da kawowa a lungu ɗaya. Da an rubuta 01, 02, 03, sai jerin ya miƙe. Haka kuma ana guje wa haruffan O da I a sunan sashe, saboda ido yana rikita su da 0 da 1, musamman a lungun da hasken fitila bai wadata ba.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne a cusa sunan kaya a cikin adireshi, a ce lungun madara ko gurbin sabulu na huɗu. Kaya suna canzawa. Kamfani ya daina yin wannan, ya fito da wancan, azumi ya zo sukari ya cinye wurin biskit. Wuri kuwa yana nan inda yake. Adireshi ya faɗi wuri kawai, littafi ko manhaja kuma ta faɗi abin da ke cikin wurin yau. Kuma ba kantoci kaɗai ke buƙatar suna ba. Filin sauke kaya, filin jiran lodi, kusurwar kayan da suka fashe, da wurin kayan da kwastoma ya dawo da su, kowanne a zana masa iyaka da fenti a ƙasa a ba shi lamba. A irin waɗannan wurare marasa suna ne kaya suka fi ɓata.

Ina za a ajiye wannan?

Da an gama adireshi sai tambaya ta biyu, wadda ake yi duk lokacin da tirela ta tsaya a ƙofa. Amsa mafi sauƙi ita ce kowane kaya a ba shi wurinsa na dindindin. Ma'aikata suna son wannan, don ƙafa tana haddace hanya. Amma yana cin fili fiye da yadda ake zato, kuma lissafin ba shi da wuya. Gurbin da aka keɓe wa kaya ɗaya yana cike ranar da kaya suka iso, yana raguwa kullum, har ya zama wayam gab da zuwan sabo. In aka ɗauki tsaka-tsaki, rabinsa ne ke aiki. Ƙari a kan haka, dole a keɓe wa kowane kaya filin da zai ishe shi a lokacin da ya fi yawa: sukari da madara gwargwadon watan azumi, maganin sauro gwargwadon damina, biskit gwargwadon komawa makaranta. Waɗannan lokuta ba sa zuwa tare, amma filin kowanne yana zaune yana jiran ranarsa.

Ɗaya hanyar ita ce a bar kowane gurbi ya karɓi duk abin da ya dace da shi, da zarar ya zama babu kowa. In aka raba kaya iri ɗaya a gurabe biyu, ana ɗiba daga na farko har ya ƙare, sai a sallame shi ya karɓi wani kayan. A haka amfanin fili yana tashi daga rabi zuwa kashi biyu cikin uku. In gurabe uku ne, kashi uku cikin huɗu. Kamfanin Amazon ya shahara da kai wannan tsari ƙarshensa: a rumbunansa ana iya samun littafi da abin wasan yara da man goge baki a aljihu ɗaya na kanta, domin ma'aikaci yana sa kaya duk inda ya ga sarari, na'ura kuma ta riƙe inda ya sa. Sai dai tsarin yana tsaye ne kan sharaɗi guda. Duk motsin da kaya suka yi, sai an rubuta shi a lokacin da aka yi shi. Falet ɗaya da direban fokilif ya ɗora a `A-05-12-4-1` bai faɗa wa kowa ba, ya ɓace ke nan a cikin gurabe 720, ko da yana kallon kowa daga sama.

Ga sito mai tasowa, abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa biyun. Guraben ƙasa 240 su zama na ɗiba, kowane kaya da wurinsa sananne. Guraben sama 720 su zama taska ta kowa da kowa. Mai haɗa oda yana tafiya a hanyar da ya sani, direban fokilif kuma yana bin abin da takarda ko sikana ta gaya masa.

Yanzu a ce tirela ta iso da katan 1,200 na madara. Ana jera 60 a kan kowane falet, ya ba da falet 20. Kafin a taɓa kanta, ana ƙirgawa a filin sauke kaya, a ware katan da ya jiƙe ko ya lotsa, a rubuta lambar zubin da kamfani ya buga a jikin katan da ranar ƙarewar wa'adi, waɗanda hukumar NAFDAC ke wajabta a sa a kan kayan abinci da aka ƙunshe. In tirelar ta zo da zubi biyu daban, ba a gauraya su a falet ɗaya. Daga nan sai ƙa'idojin ajiya, waɗanda ba komai ba ne illa tambayoyi da ake bi a jere. Akwai odar da ke jiran madara yau? In motar Katsina tana buƙatar katan 120 da rana, falet biyu su wuce filin lodi kai tsaye, babu dalilin ɗora su sama da safe a sauko da su da azahar, matuƙar dai babu tsohuwar madarar da ya kamata ta riga su fita. Gurbin ɗibar madara yana da sarari? A cika shi, amma nan ma sai in babu tsohon zubi a sama yana jira. Ragowar sai a nema musu gurabe marasa kowa mafi kusa da gurbin ɗibar, a lungu ɗaya in da hali, don ranar saukowa tafiyar ta yi gajarta.

A kan waɗannan akwai hani da babu ɗaga ƙafa a cikinsu. Kowane hawa yana da nauyin da maƙerinsa ya rubuta a allo. In an rubuta kilo 2,000, falet ɗaya mai buhu 24 na sukari, kowane buhu kilo 50, ya ci 1,200. A sa masa na biyu irinsa a gefe, an kai 2,400, ƙarfen zai fara lanƙwasa. Sabulu da garin wanki da maganin sauro ba sa maƙwabtaka da madara ko ganyen shayi, saboda ƙamshinsu yana ratsa kwali, kuma mai ruwa ba ya zama a saman abinci. Hawa na huɗu, wanda ke dab da rufin kwano, a watan Afrilu na Kano da zafi ke haura digiri 40 a inuwa, ba wurin cakulan ko bota ba ne.

Ana kuma barin sarari da gangan. Masu harkar sito suna da al'adar cewa in taska ta wuce kusan kashi 85 cikin ɗari, aiki yana fara nauyi. A siton misalin nan, falet 612 ke nan cikin 720. Daga nan direba zai riƙa yawo yana neman gurbi, madara ta kwana a lungu na shida alhali wurin ɗibarta yana na ɗaya, daga ƙarshe a fara jibge falet a tsakiyar hanya “kafin a samu wuri”. Falet a tsakiyar lungu ita ce alamar farko da mai sito zai gani da idonsa cewa ko dai wuri ya yi kaɗan, ko kuma akwai kayan da suka daina tafiya suna zaune a kan gurabe.

Batun wanda zai fara fita ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan kuɗi ke ƙonewa shiru. A manhajojin sito ana ganin kalmomi biyu, FIFO da FEFO. Ta farko tana nufin wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Ta biyu kuma wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita. Sau da yawa ɗaya suke, amma ba kullum ba. Falet ya iso a Janairu kai tsaye daga masana'anta, wa'adinsa sai Disamba. Wani ya iso a Maris bayan ya daɗe a wani sito, wa'adinsa Satumba. Mai bin ranar shigowa zai fitar da na Janairu, ya bar na Maris yana cin kwanakinsa a sama. Ga duk abin da ake ci ko ake sha ko magani, ranar wa'adi ce ke mulki. Kuma ranar da ke jikin katan ba ita ce ainihin iyaka ba, tunda mai kanti a Malumfashi ba zai karɓi madarar da ta rage wata ɗaya ba. Sito ya tsayar da tasa iyakar, misali wata uku kafin wa'adi, ya riƙa fitar da jerin abin da ya kusanto ta kowane mako.

Tafiyar da ba ta sayar da komai

Littattafan injiniyan masana'antu sun daɗe suna nuna cewa kusan rabin lokacin mai haɗa oda yana tafiya ne a taka ƙasa daga wannan gurbi zuwa wancan. Nema da ɗauka da rubutu su ke raba ragowar. Saboda haka duk wata dabarar haɗa oda, in aka bi ta zuwa tushe, ƙoƙari ne na rage wannan tafiya.

A siton misali, a ce oda 100 ake fitarwa a rana, kowacce da kaya iri goma, wato tsayawa 1,000. In an baza kayan ba tare da tunani ba, kusan kowace oda sai ta zaga lungunan nan shida: a shiga na ɗaya a fita ta ƙarshensa, a shigo na biyu ta baya, haka har na shida. Mita 180 ke nan a cikin lungu, da kimanin 60 na tsallakawa da komawa bakin ƙofa, jimla 240. Sau ɗari ya zama kilomita 24 a rana. Mutumin da ke tura kura mai kaya a kilomita uku cikin awa zai ci awa takwas a kan wannan, wato albashin ma'aikaci guda yana tafiya kan taku kawai.

Gyaran farko ba ya cin ko kwabo. A ɗauko takardun oda na wata uku, a ƙirga sau nawa aka tsaya a gaban kowane kaya. Kusan a kowane sito ana tarar da abin da ake dangantawa da masanin tattalin arzikin Italiya Vilfredo Pareto, wato 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan aiki. A ce a nan kaya 30 suka ci tsayawa 700, wasu 60 suka ci 230, ragowar 110 kuma 70 kacal. Su ne ake kira rukunin A da B da C. A lura da abin da aka ƙirga: yawan zuwa, ba darajar kuɗi ba, ba kuma yawan katan ba. Kayan da ake fitar da katan 300 nasa a tashi ɗaya sau ɗaya a mako, zuwa ɗaya ne. Ashana da ake ɗaukar katan ɗaya ɗaya sau arba'in a rana, ita ta cancanci bakin ƙofa, ko da ba ta kai komai ba a kuɗi. Tun a 1963 wani malami Ba'amurke, James Heskett, ya ƙara wa wannan lissafi girman kaya: a raba filin da kaya ke ci da yawan zuwan da ake yi masa, wanda amsarsa ta fi ƙanƙanta shi ya fi cancantar wuri na kusa. Dalilin a bayyane yake, filin bakin ƙofa kaɗan ne, kada abu ɗaya mai girma ya cinye wurin ƙanana biyar masu farin jini.

Sai a sake rabon guraben ƙasa. Kayan A talatin kowanne ya samu gurbi biyu, 60 ke nan, a lungu na ɗaya da na biyu. Kayan B su cike gurabe 20 da suka rage a nan, su kuma mamaye lungu na uku. Kayan C su koma lungu na huɗu zuwa na shida. An raba A a lungu biyu da gangan. In aka cusa su wuri ɗaya, kura huɗu za su yi cirko-cirko a gaban taliya, lokacin da aka tsira daga tafiya ya ƙare a jira. Ana kuma duba nauyi wajen jerin: jarkokin man gyaɗa da buhuna a farkon hanya, biskit a ƙarshe, don abin da aka fara ɗauka shi ke zama a ƙasan kura.

Yanzu odar da ba ta da kayan C tana ratsa lungu biyu, ta leƙa na uku ta fito, kimanin mita 120. Kayan C ɗin fa? Maimakon kowane mai oda ya je can don katan ɗaya, sai a ba mutum ɗaya wannan yankin. Da safe ya tattaro duka 70 ɗin a zagaye biyu ko uku, ya ajiye su a filin lodi, kowanne da lambar odarsa a jiki. Tafiyarsa ba za ta wuce rabin kilomita da ɗoriya ba. Kilomita 24 ta dawo kusan 12 da rabi.

Akwai sauran abin ragewa. Cikin oda ɗarin nan, a ce 40 ƙanana ne na masu shagon unguwa, waɗanda huɗu za su shiga kura ɗaya. A haɗa su huɗu-huɗu, tafiya 40 ta zama 10, an tsira da kilomita 3.6, jimla ta sauko kusa da tara. Amma wannan yana da farashinsa, kuma farashin shi ne rikicewa. Katan ɗin oda ta biyu ya faɗa cikin na uku, mai shago ɗaya ya ga ƙari ya yi shiru, ɗayan ya ga ragi ya kira waya. Kurar da za a yi wannan aiki da ita sai an raba ta gida huɗu masu lamba ko launi, kuma a sake ƙirga kowace oda kafin lodi. Siton da bai riga ya daidaita adireshinsa ba, gara ya ci gaba da oda ɗaya mutum ɗaya har ƙafarsa ta tsaya.

Lokacin sakin oda ga ma'aikata kuma agogon motoci ne ke tsara shi. Odojin motar Katsina a sake su tare, a gama su, sannan na Haɗeja. A cikin na Katsinan ma akwai jeri: motar za ta tsaya Bichi, ta tsaya Kankiya, sannan ta isa Katsina, don haka kayan Katsina ake fara haɗawa su shige ciki, na Bichi su zo ƙarshe a bakin ƙofar mota. Kamfanoni masu ƙarfi sun bi wata hanyar ta kashe tafiyar baki ɗaya; a 2012 Amazon ya sayi kamfanin Kiva Systems a kan dala miliyan 775, don ƙananan na'urorinsa da ke ɗauko kanta sukutum su kawo gaban ma'aikaci. Dilan Sharaɗa bai buƙatar wannan. Daga 24 zuwa tara, takardun oda da fenti da kwana biyu na kwashe-kwashe ne suka yi aikin.

Duk wannan yana rushewa in gurbin ɗiba ya zama wayam a tsakiyar aiki. Madarar da ake fitar da katan 90 nata a rana tana da gurabe biyu, katan 120. Ƙa'idar ciko mai sauƙi ce: da falet ɗaya ya ƙare, a sauko da wani daga sama, mai wa'adi mafi kusa, yayin da ake ci gaba da ɗiba daga na biyu. Babban ciko kuma a yi shi da yamma bayan motoci sun tafi, lokacin da fokilif ba za ta haɗu da masu tura kura a lungu ba. In ana yawan jin mai haɗa oda yana ƙwala wa direba kira ya sauko masa da kaya, to gurbin ya yi wa kayan kaɗan ko kuma an makara wajen ciko.

Saura tambayar da mai dukiya ya fi damuwa da ita: ta yaya zai san abin da littafi ya faɗa shi ne abin da ke kan kanta? Rufe sito sau ɗaya a shekara a yi ƙidaya yana nuna cewa an yi asara, amma ba ya nuna yaushe ko ta ina. Ƙidayar kullum ta fi shi. Gurabe 20 a kowace safiya, cikin kwana 48 na aiki an zagaye duka 960, kayan A kuma a riƙa komawa kansu akai-akai. Mai ƙirgar ba a nuna masa adadin da ke littafi, don kada idonsa ya ga abin da yake tsammani. Kowane irin saɓani yana da labarin da yake bayarwa. In wannan gurbi ya yi ragin katan biyar, na kusa da shi ya yi ƙarin biyar, an ɗauki wani kaya a madadin wani ne, kuma yawanci masu kama da juna ne aka jera gefe da gefe, kamar madara mai gram 400 da mai 900 na kamfani ɗaya. A raba su da wani kaya daban a tsakani. In ragin ya zo daidai da dozin ko ninkinsa, an rikita katan da ƙwaya a wajen rubutu. In littafi ya ce gurbin sama babu kowa amma ga falet a kai, an yi ajiya ba a rubuta ba, kuma sau da yawa a ranar da wuta ta ɗauke ko sabis ya yanke ne. Saboda irin wannan rana, kowane direba ya kamata ya riƙe kati a aljihu mai layi uku, kaya da adadi da adireshi, a shigar da su kafin a tashi daga aiki.

Rabon A da B da C ma ba ya dawwama. Makonni uku kafin azumi, mai kula da sito ya ɗauko takardun azumin bara, ya ga waɗanne kaya ne suka yi tsalle, ya matso da sukari da madara da kayan haɗa lemo gaba, ya ƙara musu gurabe, bayan salla kuma ya mayar da su. Tunda adireshin wuri yake faɗa, babu alamar da za a ɓamɓare daga jikin kanta. Layi ɗaya za a gyara a littafi ga kowane kayan da ya tashi. In kuma aka fasa bango aka ƙara lungu biyu, za su karɓi 07 da 08, ɗakin sanyi in an gina shi ya zama sashen B, gurbinsa na farko `B-01-01-1-1`.